Sun faɗa min albashi a waya na ce na gode, yanzu ya zan nemi ƙari?

Salam Anti, don Allah a sakaya sunana. Na yi intabiyu har sau biyu a wani kamfani, jiya Litinin matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta kira ni ta ce sun ɗauke ni, albashi dubu 300 a wata, takarda kuma za su turo ranar Alhamis. Murna ta sa na dinga cewa na gode na gode, ban ce komai a kan kuɗin ba. Alhali a intabiyun farko ita da bakinta ta ce kujerar tsakanin 300 ne zuwa 360, ni kuma shekarata 6 ina irin wannan aikin. Inda nake yanzu 250 ke shiga akawun ɗina, sai alawus ɗin mota 20. Na rubuta meseji ya kusa cika shafi na kasa turawa. Yayana ya ce kar in kuskura, za su ce na cika son kuɗi su ba wata. Ya zan yi in nemi ƙari ba tare da na yi rashin kunya ba, kuma ban zama mai roƙo ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna, Allah ya sa alheri ne. Ki fara kwantar da hankalinki a kan wannan godiyar da ke damunki. Na gode ba na amince ba ce, kuma duk wanda ya daɗe yana yi wa mutane irin wannan kiran ya san mutum a lokacin ko rabin abin da ake faɗa ba ya ji, kunnensa ya tsaya a "mun ɗauke ki". Ba ki sa hannu a komai ba, takardar ma ba a buga ta ba. Kwanakin nan da ke tsakanin waya da takarda su ne lokacin da magana ta fi sauƙi, don in an riga an buga takarda manya sun sa hannu, canza lamba ɗaya a ciki sai an sake zagayawa da ita ofis ofis, kuma ba wanda ke son wannan wahalar. Saboda haka kar ki jira Alhamis. Amma in a wayar kin fito fili kin ce kin amince da 300 ɗin, to ki faɗi gaskiya a mesejin cewa kin amsa cikin murna ne, da kika zauna kika yi lissafi kika ga akwai abin da ya kamata ki ɗaga. Ana iya gyarawa, sai dai ƙarfinki ya ɗan ragu.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba kuma ni shi ya fi tsaya min a rai, wato 300 ɗin nan kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Don kin kwatanta shi da 250 da ke shiga akawun ɗinki, su kuma kamfanoni yawanci in suna faɗin albashi jimlar da ba a taɓa ba suke faɗa. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, abin da za a cire ya kai kashi 15 cikin ɗari. Kin ga 300 ta koma 255 ke nan. Ke kuma yanzu da alawus ɗin motarki 270 kike riƙewa a hannu. Wato sabon aikin da kike wa murna zai iya rage miki dubu 15 duk wata, ba za ki sani ba sai ranar da alat ɗin farko ya shigo ki tsaya kina kallon waya kina ƙirga sifiri. A wannan lissafin sai sun ba ki wajen 318 kafin ma ki dawo daidai inda kike yau. Don haka mesejin farko ba na neman ƙari ba ne, tambaya ce layi biyu, ki tura shi yau da rana:

"Barka da aiki Malama. Na gode da kiran jiya, na ji daɗi sosai. Don Allah 300 ɗin da kika ambata kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, kuma akwai alawus a kansa ko duk yana ciki?"

Ba mai jin haushin wannan tambayar, aikinta ne ta amsa, kuma a fakaice kin nuna mata cewa maganar kuɗi ba a rufe ta ba tukuna. In ta ce 300 ɗin shi ne abin da zai shiga hannunki to alhamdulillahi, kin samu ƙarin 30 a kan na yanzu, za ki iya neman ƙari har yanzu amma ba wuta a bayanki. In ta ce kafin cirewa ne, wanda shi na fi zato, to neman ƙarin ya zama dole.

Kafin ki rubuta na biyu ki ɗauki biro ki rubuta lamba biyu a takarda. Ta farko ita ce wadda za ki nema, ta biyu ita ce wadda in suka gaza ta za ki haƙura da aikin, wannan ta biyun ke kaɗai za ki san ta, ko a waya kar ta kuɓuce miki. Da ni ce ke zan nemi 345, in ajiye 320 a matsayin ƙasa. Dalilin 345 shi ne tana cikin iyakar da su suka faɗa da bakinsu, tana sama da tsakiya, kuma shekara 6 ba ta sabon shiga ba ce da za a ajiye ki a matakin farko. In kika nemi 360 cif kamar kin ce ba wanda zai zo ya fi ki ne, in kika nemi 400 kin fita daga abin da aka ware wa kujerar, matar ba ta da inda za ta kai maganar. In kuma kika nemi 320 tun farko, raba bambancin za su yi su ce 310, kin ga kin faɗo ƙasa da abin da za ki iya rayuwa da shi. Mutane suna son haɗuwa a tsakiya, don haka ki bar musu wurin saukowa.

Kuma lamba ɗaya za ki faɗa. Kar ki ce "tsakanin 325 zuwa 345", don wanda zai biya ƙaramar kawai yake gani, babbar ado ce. Haka ma kar ki ce "ko za a ɗan ƙara min wani abu", wani abu ai dubu 5 ma wani abu ne, in suka ƙara shi sun biya miki buƙata ba ki da bakin magana.

Ga yadda mesejin zai kasance, ki mayar da shi yaren da kuke magana da shi da ita:

"Barka da aiki Malama, na gode da bayanin. Ina son aikin nan kuma a shirye nake in fara. Game da albashi, duba da shekara 6 da na yi a wannan fannin da kuma iyakar 300 zuwa 360 da aka ambata a intabiyu, ina neman a mayar da shi 345. In aka amince da haka zan sa hannu da zarar takarda ta iso. Za a iya duba wannan kafin Alhamis? Na gode."

Shi ke nan, kar ki ƙara ko layi ɗaya. Na san za ki karanta ki ji kamar ya bushe, kamar ya kamata a ɗan shafa masa mai, amma ki sake dubawa, gaisuwa tana nan, godiya tana nan har sau biyu, kin ce kina son aikin tun kafin ki ambaci kuɗi. Ladabin ya isa. Layin da ya fi kowanne aiki a ciki shi ne na "zan sa hannu da zarar takarda ta iso", don abin da mai ɗaukar ma'aikata ke tsoro shi ne ta je ta yi ta fama da oga a ƙara miki, ki dawo ki ce a sake ƙarawa ko ki ce kin fasa. In ta san 345 za ta rufe magana, tana da abin da za ta riƙe ta shiga ofis da shi. Sai dai fa kar ki rubuta wannan layin in ba da gaske kike ba, in suka ce to, magana ta ƙare, ba sauran "af na manta da kaza".

In kina da wani abu guda takamaimai da suka nuna suna buƙata a intabiyu, misali wata manhaja da suka ce za su koma amfani da ita ke kuma kin shekara uku a kanta, za ki iya sa shi a madadin shekara 6 ɗin ko ki haɗa su a jimla ɗaya. Dalili ɗaya mai ƙarfi ya fi biyar, in suka yi yawa sai a kama mafi rauni a amsa miki shi a bar sauran.

Yanzu wancan dogon da kika rubuta. Ban gan shi ba amma ina iya rantsuwa akwai kuɗin haya a ciki, akwai tsadar rayuwa, akwai ƙanne da ake biya wa makaranta, kuma ya fara da "don Allah ki yi haƙuri da damun ki da zan yi". Duk gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma na taɓa zama a ɗaya gefen teburin, a wani wuri da na yi aiki ni nake tura wa mutane takardar ɗauka, kuma ba na manta wani bawan Allah da ya turo min irin wannan wajen sha ɗaya na dare, sai da na ja allon waya sau huɗu kafin in kai ƙarshe, na ji tausayinsa har raina, amma da safe da na tashi kai wa manaja maganar sai na rasa me zan tura, don babu lamba a ciki ko ɗaya, kuma sirrin gidansa ne ba zan iya turawa wani ya karanta ba. Na koma na tambaye shi nawa yake so, ya ce duk abin da aka ga ya dace. Aka ƙara masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ki riƙe wannan a ranki, matar nan da wuya a ce ita ke yanke hukunci, ɗaukar mesejinki za ta yi ta tura wa wanda ke riƙe da kasafin. Ki rubuta abin da in aka tura shi yadda yake ba za ki ji kunya ba, shi kuma zai karanta a tsaye cikin minti ɗaya ya gane.

Ban da haƙurin da ake bayarwa ba a yi laifi ba, ki cire "amma in ba zai yiwu ba ba komai", don kin amsa wa kanki a'a ke nan tun ba su buɗe baki ba. Ki cire duk wani abu mai kama da barazana. Kuma don girman Allah kar ki ƙirƙiro wani kamfani ki ce sun ba ki fiye da haka in ba su ba ki ba, wasu za su ce ki turo takardar su gani, wasu kuma su ce to Allah ya sa alheri ki je can, ki rasa bakin dawowa. Albashinki na yanzu ma ba sai kin sa shi ba, in suka ji 250 sai 300 ta yi musu kama da kyauta.

Ki tura ta inda kuka saba magana, in imel ne imel, in meseji ne a waya to nan, amma a rubuce, ba saƙon murya ba, kuma a lokacin aiki, guda ɗaya dunƙule ba a gutsuttsura shi gida shida ba. Ita wadda ta kira ki za ki tura wa, kar ki tsallake ta ki nemi manaja don kin ga kun saba a intabiyu, za ta ji a ranta kuma ita ce mai kai maganarki.

Batun yayanki kuwa, ba zan ce bai da gaskiya gaba ɗaya ba. Yana tsoron kar ki saki na hannu ne, kuma akan samu wuraren da ke janye tayi don mutum ya yi magana, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki duba ta gefensu, sun tace takardun mutane, sun zauna da ke sau biyu, sun zaɓe ki sun bar saura, komawa baya asarar lokaci ce a gare su, kuma su ne suka faɗi 360 ba ke ba. Abin da aka fi samu in an ƙi shi ne a ce miki a'a iyakarmu ke nan, tayin yana nan yadda yake. Wurin da zai kore ki saboda layi biyar na ladabi kuwa, kin ga yadda ranar neman hutu ko ƙarin girma za ta kasance. Abin da zai kare ki daga tsoron yayanki abu ɗaya ne, kar ki ajiye aikinki na yanzu, kar ma ki faɗa wa kowa a ofis, sai takarda ta zo da lambar da kuka yi magana a kai kin sa hannu sun sa. Maganar baki ba ta biyan albashi. Ki nuna masa mesejin kafin ki tura in kina so, ina jin abin da yake hangowa ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba.

Bayan kin tura sai abu mafi wuya, wato shiru. Za ki ga alamar ta karanta, awa ɗaya ta wuce, uku ta wuce, zuciyarki ta fara ce miki kin ɓata komai, yatsanki ya fara rubuta "ko 320 ma ya yi". Ajiye wayar. Wannan shirun yawanci tana jiran oga ne ya fito daga mitin, in kika rage da kanki kin yi ciniki da kanki ke nan su ba su ce uffan ba. In har ranar Laraba da yamma ba ki ji komai ba, layi ɗaya ya isa, "Barka da yamma Malama, ina tuni ne a kan saƙona na jiya, na gode", ba tare da kin taɓa lambar ba.

Mai yiwuwa ta kira ki maimakon ta rubuto, da yawa sun fi son haka. Ki ɗauka, ki saurara, in ta faɗi sabuwar lamba kar murna ta sake kwashe ki irin ta Litinin, ki ce kin gode za ki duba ki amsa mata kafin a tashi aiki. Kina ajiye wayar ki rubuta mata abin da kuka yi magana a kai, "kamar yadda muka yi magana yanzu, albashi 330 kafin cirewa", don ya zauna a rubuce.

Mu ce 330 ɗin ta faɗa. A lissafinmu na ɗazu wajen 280 zai shigo hannunki, ya haura na yanzu da 10, 330 ɗin kuma ya haura tayin farko da dubu 30 duk wata, wato dubu 360 a shekara, kuma duk ƙarin da za a yi miki nan gaba a kan 330 za a lissafa shi ba a kan 300 ba. Ni a nan karɓa zan yi da fara'a, ba zan koma zagaye na biyu don dubu 15 ba, mutanen nan da su za ki zauna kullum. In kuma 310 ta ce, tana ƙasa da lambarki ta ɓoye, nan kina da damar komawa sau ɗaya tak: "Na gode da ƙoƙarin da kika yi. 310 zai yi min wuya in bar inda nake. In za a iya kai shi 325 na amince yau." Daga nan ba sauran ciniki, duk abin da suka ce sai ki auna shi da lambar da kika rubuta a takarda.

In suka ce albashin ba ya motsi sam, wataƙila gaskiya ne, wasu wuraren matakai gare su kuma ba sa son sabuwa ta shigo ta haura waɗanda ta tarar. Sai ki tambaya ko akwai abin da ke motsi a gefe. Alawus ɗin mota shi ne na farko da zan nema tunda kina da shi yanzu kuma za ki rasa shi, sau da yawa ya fi sauƙin amincewa don ba ya taɓa matakin albashi. Na biyu shi ne a sake duba albashin bayan watannin gwaji, amma wannan in ba a rubuta shi a takardar ɗauka da wata da lamba ba, misali zai koma 330 bayan wata 6 in an tabbatar da ke, to ki ɗauke shi kamar ba a faɗa ba. "Za mu duba nan gaba" ba alkawari ba ne, wadda ta faɗa miki ma tana iya barin wurin kafin lokacin. Ɗaya za ki nema a cikin biyun, ba duka a tare ba.

In duk an rufe, 300 ce ba alawus ba alkawari a rubuce, to shawara ta dawo gare ki, kuma ba zan ce lallai ki ƙi ba. Akwai aikin da mutum ke karɓa da ragin dubu 15 don inda yake ya ishe shi ko don sabon wurin zai buɗe masa hanya, ke kika san wanne ne naki, ni dai so nake in za ki karɓa ki karɓa ido buɗe. In kuma za ki ƙi, ki ƙi da kyau, ki gode mata, ki ce a wannan adadin ba zai yiwu miki ba amma za ki so a tuna da ke in wata dama ta taso.

Ranar da takardar ta iso ki zauna ki karanta ta layi layi kafin ki sa hannu, ki ga lambar ita ce wadda kuka tsaya a kai, an rubuta a wata ne ko a shekara, alawus ɗin ya fito da sunansa, watannin gwaji nawa ne. In kika ga 300 a inda ya kamata ki ga 330 kar gabanki ya faɗi, sau da yawa tsohuwar takardar ce aka turo ba a gyara ba, ki mayar mata tare da mesejin da kika rubuta bayan wayar ki ce a gyara. Yanzu dai tashi ki tura tambayar farko kafin a tashi daga aiki, ki rubuto min yadda kuka ƙare.